Yadda ake kafa katin kanban a ƙaramar masana'anta a Legas

A ƙananan masana'antun Legas, abin da ya fi tsayar da aiki bayan wuta shi ne ƙaramin abu ya ƙare ba wanda ya lura. Katako na nan jibge, an gama walda, fenti ya bushe, amma masu haɗa kujera sun naɗe hannu saboda noti ya ƙare tun ƙarfe goma na safe. Sai a tura yaro kasuwa a guje, ya shiga gosulo, ba zai dawo ba sai bayan La'asar. Maigida kuma saboda haushi ya sayo na wata guda, ya jibge kuɗinsa a sito, mako biyu a tsakani sai takalmin roba na ƙafar kujera ya ƙare, a sake sabon lale.

Katin kanban an yi shi ne don wannan matsala. Taiichi Ohno ne ya raya tsarin a kamfanin Toyota na Japan, aka fara gwada shi a 1953, zuwa 1963 ya game masana'antun kamfanin. Asalinsa ba wani abu mai wuya ba ne. Kowane kwali ko kwando na kaya yana da kati guda a jikinsa. Da zarar an fara amfani da kayan, sai a cire katin a mayar wa wanda ke kawowa, katin kuma shi ne umarnin a kawo wani daidai wannan adadin, ba ƙari. Idan babu kati, ba a saye, ba a ƙerawa. Kamar dai dilan lemo ne: kiret nawa ka miƙa babu komai, cikakku nawa zai sauke maka.

Zan bi da kai ta misali guda har ƙarshe. A ce masana'anta ce a wajajen Ogba da ke haɗa kujerun makaranta masu ƙafar ƙarfe da mazaunin katako, tana fitar da kujera 60 a rana, kwana shida a mako.

Fara da abu ɗaya

Kada ka yi wa dukan sito kati a rana guda. Zaɓi abin da ake amfani da shi kullum, adadinsa ba ya yawan sauyawa, kuma ana samunsa a kasuwa ba tare da an jira jirgin ruwa ba. A misalinmu noti ne, mai girman M6, wanda ake ɗaure mazauni da abin jingina da shi. Kowace kujera tana cin guda 6, wato guda 360 a rana. Noti yana da araha, don haka ko lissafinka ya ɗan zarce ba ka yi asarar komai ba, ma'aikata kuma sun sha wahalarsa, za su ba ka haɗin kai.

Wannan 360 ɗin kada ka ɗauko shi daga abin da kake fatan yi. Buɗe littafin fitar kaya na makonni huɗu da suka wuce ka ga kujera nawa aka haɗa a zahiri. Idan wata rana 40 ce wata rana 75, matsakaicin za ka riƙe, sauran kuma rarar da za mu ƙara nan gaba za ta ɗauke.

Sai mazubi. A ce mai shago yana sayar da notin a kwali na guda 200. Bar shi a haka: kati guda, kwali guda, noti 200. Idan ka ce za ka riƙa juyewa cikin wata roba ta guda 150, ka ƙirƙiro wa wani aikin ƙirga kullum, kuma ba zai daɗe yana yi ba. Abin lura kawai shi ne mazubin ya zama wanda mutum ɗaya zai ɗaga, kuma adadin ya zama iri ɗaya ko yaushe.

Auna tsawon tafiyar kati

Nan ne yawancin mutane suke zamewa, shi ya sa zan daɗe a kansa. Abin da kake son sani shi ne: daga lokacin da ma'aikaci ya cire kati a jikin kwali zuwa lokacin da katin ya dawo kan kanta manne da sabon kwali, kwana nawa ne? Idan ka tambayi mai sayayya zai ce maka, “Haba Oga, ai awa uku ce, na je na dawo.” Gaskiya ya faɗa game da tafiyar mota. Amma katin ba a mota yake ɓata lokacinsa ba, a jira yake ɓatawa.

Bi shi daki-daki. An cire shi da hantsi an jefa a akwatin tara kati, mai sito ba ya buɗe akwatin sai yamma: rabin yini ya tafi. Washegari ba ranar shiga kasuwa ba ce, ko kuma Maigida bai iso ba balle ya tura kuɗi: kwana ɗaya ko biyu. Ranar da aka je, kaya ba sa isowa sai an kusa tashi, ba za a ƙirga a jera ba sai da safe: wani rabin yinin. Ka ga awa uku ta zama kwana uku.

Kuma a Legas ranaku ba ɗaya ba ne. Safiyar Alhamis kasuwanni a rufe suke har ƙarfe goma saboda shara. Ranar Juma'a mai sayayyarka yana son ya dawo kafin a tayar da salla. A watan Yuni da Yuli ruwan safiya guda zai iya cinye yinin a kan titin Ikorodu ga wanda ya nufi Owode Onirin neman ƙarfe, haka ma wanda ya nufi Mushin neman katako. Don haka kada ka yi hasashe. Rataye takarda a sito na mako biyu, duk lokacin da aka ce abu ya kusa ƙarewa a rubuta rana da lokaci, duk lokacin da ya hau kanta a sake rubutawa. Ka ɗauki mafi tsawon abin da ke faruwa a kai a kai, ba mafi gajarta ba, ba kuma ranar nan guda da tirela ta faɗi ta tare hanya ba.

Lissafin yawan kati

Da ka samu waɗannan lambobi uku, sauran lissafin ɗan firamare ne:

```
N = D × L × (1 + S) ÷ C
```

D shi ne abin da ake ci a rana, L kwanakin tafiyar kati, S rarar kariya, C adadin da ke cikin mazubi guda, N kuma yawan katin. A namu, 360 sau 3 ya ba da 1,080, wato notin da za a cinye kafin kati ya je ya dawo. Ƙara rarar kashi 20 cikin ɗari, ya zama 1,296. Raba da 200, ka samu 6.48. Ba a yin rabin kati, kullum sama ake kaiwa: kati 7.

Ma'anar wannan bakwai ɗin ita ce notin da ke cikin ginin nan ba zai taɓa wuce kwali bakwai a rufe da guda ɗaya a buɗe ba, abin kwana huɗu da 'yan kai. Kwatanta da guda 10,000 da Maigida yake sayowa in ransa ya ɓaci, wanda ya kusa abin kwana 28.

Akwai wani ɗan sharaɗi da lissafin ya dogara a kai, kuma shi ne ke raba wanda tsarinsa ya tsaya da wanda ya rushe. Wannan lissafi yana aiki ne idan ana cire kati lokacin da aka buɗe kwali aka ɗauki notin farko. A lokacin kana da kwalin da aka buɗe da sauran shida, a kan kanta ko a hanya, wato 1,400, sun isa kwana uku har da rara. Idan kuwa ma'aikatanka sai kwali ya ƙare suke cire kati, to shida kawai suka rage, 1,200, rarar ta ragu zuwa guda 120 kacal. Duk wanda ka zaɓa ya halatta, amma in ka zaɓi na biyun ƙara kati guda ya zama takwas, kuma kowa a wurin ya bi hanya ɗaya. Ni na fi son a cire da buɗewa, domin hannun da ya yage kwalin shi ne ke kan katin, babu batun mantuwa.

Katin kansa da inda zai riƙa zama

Yanka kwali mai kauri kamar girman tafin hannu. A rubuta sunan kaya da girmansa, adadin da ke cikin mazubi, inda ake sayowa, da kantar da yake zama. A ƙasa da manyan baƙaƙe a sa lambarsa cikin jimla: 1/7, 2/7, har 7/7. Wannan lambar ita za ta tona asiri ranar da guda ya ɓace. Tun da a wuri ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, wani ma karatun boko bai dame shi ba, sa hoton kayan a jiki, ko ka ɗaure noti guda na gaske da waya a kusurwar katin. A kai shagon masu hoto a rufe shi da leda mai kauri, in ba haka ba damshin Legas da baƙin mai za su gama da shi kafin wata ya ƙare.

Kati yana da wurin zama uku kacal. Ko yana jikin cikakken kwali a kan kanta, ko yana cikin akwatin tara kati, ko yana aljihun allon da aka rubuta “an yi oda” a sito. Akwatin tarawa a kafa shi a jikin kantar, inda hannu zai kai ba tare da an taka ko taku biyu ba. Idan ka kai shi ofis, katin zai kwana a aljihun wando, ya tafi Agege, ya shiga wanki.

Kantar ma tana da ƙa'ida: sabon kwali ta baya yake shiga, ana ɗauka ta gaba, kuma kwali ɗaya ake buɗewa a lokaci guda. In masu haɗi uku kowa ya buɗe nasa, kati uku za su fita tare, a sayo 600 alhali ba a ci ko 200 ba. Kowa ya ɗebi na awa ɗaya ko biyu a ɗan kwanonsa daga kwalin da ke buɗe.

Sai ka tsayar da lokacin kwashe kati, misali bayan Azahar da kuma kafin a tashi, ka ɗora wa mutum ɗaya. Mai sito ya kwashe, ya ƙirga, ya jera su a aljihun oda. Ranar kasuwa kati nawa ke aljihun, kwali nawa za a sayo. Yana iya ɗaukar hotonsu ya tura wa mai shago ta WhatsApp don a ɗaure kayan kafin a iso, amma katin kansa ba ya barin ginin. Kaya sun iso, a buɗe ɗaya a gwada girman, a manna wa kowane kwali katinsa, a jera. Wanda aka ga girmansa ba daidai ba ne ko ya yi tsatsa, ba a manna masa kati, katinsa yana nan a aljihun oda har a musanya.

Ranar farawa ka ƙirga abin da ke ƙasa. Idan kwali huɗu ka tarar, manna musu kati huɗu, sauran ukun su tafi aljihun oda kai tsaye. Idan goma sha biyu ka tarar, manna wa bakwai, biyar ɗin da ba su da kati a sa su gaba a cinye su tukuna.

Tsakanin masu walda da masu haɗi

Bayan noti ya yi wata guda yana tafiya lafiya, sai ka shiga inda kuɗin yake, wato kayan da kuke ƙerawa da kanku. A nan katin ba kasuwa yake zuwa ba, wurin mai walda yake komawa, kuma umarni ne na a ƙera.

Haɗaɗɗun ƙafafun ƙarfe 60 ake buƙata a rana, guda ɗaya ga kowace kujera. A ƙera amalanken ƙarfe da ke ɗaukar guda 10 daidai, ta yadda ko na sha ɗaya ba shi da wurin zama. Daga cire kati zuwa yankan bututu, lanƙwasa, walda, fenti, da kwanan da fentin ke yi kafin ya bushe, a ce kwana ɗaya da rabi. Wato 90. Saboda wuta na iya ɗaukewa janareta kuma ya ƙi tashi, a nan rarar kashi 30 za mu sa, ya zama 117. Raba da 10, ka samu 11.7, wato kati 12.

A kafa allo a gaban masu walda mai ƙugiya goma sha biyu a jere, huɗun farko kore, huɗun tsakiya ruwan ɗorawa, huɗun ƙarshe ja. Duk katin da ya dawo daga masu haɗi a rataye shi a ƙugiya ta gaba. Kore na nufin a fara a natse, ruwan ɗorawa a hanzarta, ja kuma a ajiye komai a yi wannan, domin masu haɗi sun kusa tsayawa. Idan kuna yin kujerar firamare da ta sakandare, kowace ta samu layinta da launin katinta, mai walda ya duba layin da ya fi kusa da ja ya fara da shi. Ba sai ya jira wani ya zo ya gaya masa ba. Katin da ya cire daga allo yana bin amalanken har ɗakin fenti, har ya isa gaban masu haɗi.

Rigimar da za ka fuskanta a nan ta wuta ce. Ranar da aka kawo wuta allon kuma babu kati, babban mai walda zai zo ya same ka: “Maigida, ga wuta ta zauna, mu zauna muna kallonta? Bari mu ƙara buga ko ɗari ne mu ajiye.” Maganarsa ba shirme ba ce, walda da dizal tsada gare ta. Amma idan ka yarda a ƙera ba kati sau ɗaya, allon ya zama ado. Hanyar da ta dace ita ce ka zauna ka yanke shawara: idan yin walda da wutar layi ya fi maka riba har ka yarda ka ajiye ƙafafun kwana uku, to ƙara katin ya zama 18 ko 20, ka ƙera amalankensu, ka san iyakar abin da ka amince a tara. Haka nan idan biyan masu walda kan kowace ƙafa da suka buga ne, ka sani ka sa su faɗa da katin da hannunka. Sai dai a mayar da biyan kan kujerun da aka kammala, ko a samar musu aikin da za su yi in allo ya zama wayam, kamar gyaran ma'aunin walda da yankan bututun gobe.

Yadda za ka gane abu ya fara lalacewa

Duk Asabar kafin a tashi, mutum ɗaya ya zagaya da takarda ya nemo kowace lamba. Na kan kanta da na akwati da na aljihun oda dole su cika bakwai. Ɓatan kati ba ya ihu. In 4/7 ya ɓace, komai zai ci gaba kamar lafiya da kwali shida, sai ranar da ruwa ya tare hanya noti ya yanke, a ce tsarin banza ne. Idan an nema ba a gani ba, a buga wani mai lamba ɗaya a sa masa alama, in tsohon ya bayyana daga baya a yaga shi, kada su zama takwas.

Kantar kanta tana ba da labari. Idan mako bayan mako ba a taɓa sauka ƙasa da cikakkun kwali uku ba, katin ya yi yawa. Cire guda, ka zuba ido mako biyu, in ba a ji komai ba ka sake cire wani. Idan kuwa kullum ana kaiwa kwalin ƙarshe, kada ka yi saurin ƙara kati. Fara duba inda suke taruwa. Sun cika akwatin tarawa, to ba a kwashewa a kan lokaci. Sun daɗe a aljihun oda, to matsalar kuɗi ce ko ta mota, kuma sau da yawa maganinta a ware wa mai sito kuɗin ƙananan kaya na mako, kati ya zama shi ne izinin kashewa, ba sai an jira sa hannu ba. Wannan kaɗai zai iya mayar da kwana uku kwana biyu, kati bakwai su koma biyar.

Lissafin kuma yana tsufa. Masu kujerun makaranta sun san yadda oda ke tashi a watan Agusta kafin a koma sabuwar shekarar karatu a Satumba. In za ku koma kujera 90 a rana, notin ya zama 540, kwana uku da rara ya kai 1,944, wato kati 10. Buga ƙarin uku masu wani launi daban, ka saka su aljihun oda mako guda kafin aikin ya tashi, in kakar ta wuce ka janye su ɗaya bayan ɗaya yayin da suke dawowa akwati.

Akwai kayan da kati bai dace da su ba, kada ka tilasta. Odar da aka yi sau ɗaya, kamar teburin ofis ashirin na wani fasali na musamman, lissafa kayansa ka sayo daidai, shi ke nan. Abin da ke zuwa a kwantena ta Apapa, wanda tafiyarsa watanni ce kuma ba ta da tabbas, jadawalin saye yake so. Ƙananan abubuwa masu arha sosai kuma, irin su wosha ta ƙarƙashin noti da takardar goge katako, roba biyu sun wadatar: ana ci daga ta gaba, ta ƙare a miƙa ta sito a jawo ta baya, robar da babu komai ita ce katin, muddin kowace ɗaya tana ɗauke da abin da zai kai kwanakin tafiya da rararsu. Idan kuma farashin bututu na shirin tashi ka ga gara ka saye da yawa yanzu, wannan shawarar kasuwanci ce, kuma taka ce. Ajiye shi a sito na baya a kulle, katin masu walda ya riƙa jawowa daga can a ƙa'idarsa, ka rubuta ranar da za a mayar da katin zuwa kasuwa idan tarin ya sauko zuwa abin kwanakin tafiya.